Yadda Ake Goge Abin da Ba a So Daga Cikin Hoto a Waya

Ranar Sallah na ɗauki iyalina hoto a lambun Ƙofar Gamji, kuma sai da muka koma gida na ga ledar ruwa yashe kusa da ƙafar ƙaramar 'yata, ga wani mai wucewa ya faɗo ta gefe. Da wannan hoton zan yi bayani, a wayar Samsung, wadda ta zo da wannan abin gogewa tun 2021.

Ka buɗe Gallery, ka zaɓi hoton, sannan ka taɓa alamar fensir da ke ƙasa. A cikin kayan gyaran da za su bayyana ka nemi Object eraser, wanda a wasu wayoyin yake ɓoye a ƙarƙashin alamar ɗige-ɗige. Wanda wayarsa ba Samsung ba ce zai sami irinsa a Google Photos da sunan Magic Eraser, bayan ya taɓa Edit.

Kafin ka taɓa komai, ka buɗa hoton da yatsu biyu har ledar ta fito sosai, domin yawancin ɓarnar da masu koyo suke yi daga gaggawa take zuwa. Ka taɓa ledar sau ɗaya, wayar za ta lulluɓe ta da launi. Idan ba ta kama ta duka ba, ka zagaye ta da yatsa, ka haɗa har da inuwarta, saboda inuwar da aka bari a kan ciyawa ita ce take fara nuna cewa an taɓa hoton. Sai ka danna Erase.

Ya kamata ka san cewa wayar ba ta ga abin da ke bayan ledar ba. Tana duba launukan da ke kewaye ne ta cike gurbin da abin da ya yi kama da su. Shi ya sa aikin yake kyau a kan ciyawa, kwalta, sararin sama ko bango mai launi ɗaya, amma yake dagulewa inda akwai zanen atamfa ko aikin hula. Mai wucewar nan, da yake kafaɗarsa ta raɓi mayafin uwargida, sai da na bi shi kaɗan-kaɗan har sau uku, ina komawa baya da kibiyar da ke sama duk lokacin da bakin mayafin ya dame.

Idan wurin ya yi maka, ka danna Done. Wajen adanawa ina ba da shawarar ka zaɓi Save as copy, domin hoton asali ya zauna yadda aka ɗauke shi, kuma ka sake buɗa sabon ka duba wurin da kyau kafin ka tura wa dangi.