Roƙo kan tsarin biyan kuɗin fulawa

Assalamu alaikum Alhaji,

Ranka ya daɗe, da fatan kana lafiya tare da iyali da yaran shago. Ya kasuwa, ya kuma fama da jama'a? Lodin makon jiya ya iso Gusau lafiya, buhu 200 cif, babu ko ɗaya da ya fashe. A miƙa godiyata ga manaja.

Akwai maganar da na so in kawo maka da ƙafata har Singa, sai na ga gara in fara rubutowa, don ka duba ta a tsanake, akawu ma ya samu abin riƙewa a hannu.

Shekara shida ke nan ina ɗaukar fulawa a wurinka, kuma tsarinmu bai taɓa canzawa ba: in tura kuɗi gaba ɗaya, sannan a yi lodi. Ban taɓa jin nauyin hakan ba sai a 'yan shekarun nan. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota daga Kano ta Funtuwa zuwa nan ya yi sama, fulawar kanta ma ka fi ni sanin inda ta kai. Jarin da a da yake ɗauko mini lodi har ya bar canji, yanzu lodi ɗaya ke lashe shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin masu gidajen burodi. Su tara nake ba kaya, kuma babu mai biya nan take. Mai gidan burodi sai ya gasa, ya raba wa masu shayi da masu tebur, su sayar, su kawo masa, kafin ni in ga nawa. Abin kan ɗauki kwana goma, wani lokaci goma sha biyu. A tsakanin nan shagona ya kan zauna wayam, mutum ya zo da kuɗinsa a hannu in ce masa sai jibi. Sau biyu hakan ta faru a watan da ya wuce, kuma cinikin da ya kuɓuce mini, kai ma ya kuɓuce maka. Banki kuwa ban ma leƙa ba, ka san ba ma taɓa kuɗin ruwa.

Ga roƙona. A bar ni in riƙa biyan kashi 60 cikin ɗari kafin lodi, ragowar 40 in cika cikin kwana 14 daga ranar da mota ta tashi. Idan aka yi mini haka, zan ɗaga lodina daga buhu 200 zuwa 300, kuma farashin ranar lodi shi ne farashi, ko da kaya sun sauka kafin in cika ba zan nemi ragi ba.

Na san kai ma kamfani ba ya ɗaga maka ƙafa, kuma na san irin cizon da bashi ya yi wa mutane a kasuwar nan, shi ya sa ban zo da fatar baki kawai ba. Zan bar wa akawu cak na ragowar kuɗin mai ɗauke da ranar cikawa. Shugaban layinmu, wanda ka sani tun zamanin mahaifina, ya yarda ya tsaya mini. A kuma rubuta komai a sa hannu gaban shaidu, kamar yadda ayar bashi ta Suratul Baƙara ta umarta. Mu gwada da lodi uku kacal. In na saɓa ko da kwana ɗaya ne, a koma tsohon tsari, ba zan ce uffan ba.

Wani abu kuma, gara ka ji daga bakina da ka ji a gari. Wani dila ya yi mini tayin kaya bashi na mako biyu, na ce masa ina da uban gida. Ban manta da lokacin canjin kuɗi a farkon 2023 ba, ranar da na tura kuɗi suka maƙale kwana uku, ka ce a yi mini lodi haka nan.

Idan kashi 40 ya yi yawa, ko kwana 14 sun yi nisa, faɗi abin da kake ganin zai yiwu, ni mai bi ne. In kuma yanzu ba hali, wallahi babu komai, lodina na gaba yana nan yadda muka saba.

Zan so dai mu tsayar da magana kafin azumi ya matso, lokacin da masu burodi ke ƙara yawan buhunan da suke ɗauka. Ranar Talata zan shigo Kano insha Allahu. Idan kana shago bayan Azahar, sai in biyo mu gaisa, in zo da littafin cinikina na wata shida ka gani da idonka.

Allah ya ƙara buɗi, ya ja da rai.

Ni ne ɗanka na Gusau