Takardar darasi: ta ina makamashi ke shiga kafasita yayin caji?

Ga ɗaliban Fiziks na aji biyu, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato

Da yawanku za ku ce ta cikin waya yake bi ya sauka a farantai. To, bari mu auna da bektar da John Henry Poynting ya fitar a 1884:

S = (E × B)/μ₀

A ɗauki farantai biyu masu da'ira, daga tsakiya zuwa baki a, tazarar da ke tsakaninsu d, kuma d ƙarama ce ƙwarai a kan a. Caji Q na taruwa, I = dQ/dt. Filin lantarki a cikin gibin:

E = Q/(ε₀πa²)

Babu caji ko ɗaya da ke tsallaka gibin, amma E na ƙaruwa, kuma Maxwell ya nuna cewa filin lantarki mai canzawa yana haifar da filin maganaɗisu. A bakin farantan:

B(2πa) = μ₀ε₀πa²(dE/dt) = μ₀I

Ku tsaya nan ku yi amfani da hannun dama, don a nan aka fi yin tuntuɓe. E na tafiya daga faranti zuwa faranti, B na kewaye tsakiya. E × B kuwa ya nufi ciki, wajen tsakiyar gibin. Ke nan S a kwance yake, ba ya huda farantan ko kaɗan. Ta buɗaɗɗen gefe makamashin ke kwararowa, kamar iskar hunturu da ke shiga rumfa ta gefe alhali rufi na nan daram.

Girmansa S = EI/(2πa), faɗin bangon gefen kuma 2πad. Idan aka ninka:

P = EId = VI

Yanzu a gwada ta wata hanya. Makamashin da ke ajiye a gibin U = ½ε₀E²πa²d, saboda haka dU/dt = ε₀πa²(dE/dt)Ed = VI. Abin da ya shigo ta gefe shi ne daidai abin da ya ƙaru a ciki. A wurina, wannan dacewar na daga cikin abubuwa mafi kyau a duk kwas ɗin nan.

Da alƙaluma: a = 5 cm, d = 1 mm, I = 1 mA, a daidai lokacin da V = 100 V. E = 10⁵ V/m, B = 4×10⁻⁹ T, ɗan mitsitsi ƙwarai. Duk da haka S ≈ 318 W/m², faɗin bango 3.14×10⁻⁴ m², P = 0.1 W. VI ma 0.1 W.

Mun yi watsi da lanƙwasar fili a bakin farantai, mun kuma ɗauka cajin a hankali ake yinsa, yadda E zai zama ɗaya ko'ina a gibin.

Aikin gida, a kawo ranar Laraba: ku nemo S a nisan r daga tsakiya, r < a, ku nuna cewa makamashin da ke ƙetare wurin a kowace daƙiƙa VI(r²/a²) ne. Sannan ku faɗi inda S zai fuskanta idan kafasitar na sauke cajinta, da dalili.