Rarar Ɗinki

Ranar da Hauwa ta ajiye aikin banki, Inna ba ta ɗaga murya ba. Tana tankaɗen garin tuwo ta ce, "Shekara 4 a jami'a, 7 a banki, ki ƙare a taka keke? Hauwa'u, anya ba hannu aka sa miki ba?"

"Inna, tun ina zana riguna a bayan littafin lissafi nake son abin nan."

"So ba ya cika tukunya."

Yaya Sani kuwa cewa ya yi a ƙyale ta, kafin Sallah za ta koma neman kujerarta.

Ta fara koyo a shagon Anti Rabi, kusa da Kasuwar Wunti. Ita ce sharar ƙyallaye, ita ce guga, ita ce kalmasa. Yarinyar da ba ta kai ƙanwarta ba ke nuna mata yadda ake riƙe almakashi. Duk wannan bai dame ta ba, sai ranar da wani Alhaji da ta saba ƙirga wa kuɗi ya kawo ɗinkin iyalinsa, ya same ta durƙushe da tsintsiya. Ya rage murya. "Hajiya, korar ki aka yi? Allah Ya kawo wani."

A wata na 5 aka ba ta leshin uwar amarya. Ta yi awo, ta ja alli, ta yanka daidai kan layi, kamar yadda ta saba da lissafin da ba a ƙara ko kwabo. Ba ta bar rarar ɗinki ba. Riga ta ƙi shiga. Anti Rabi ta juya rigar ciki da bai, ta ce, "Yadi ba takarda ba ne, Hauwa. Jikin mutum yana numfashi." Da kuɗin ajiyarta Hauwa ta sayi wani leshin.

Daren nan ta zauna a tsakar gida, ta buɗe lambar tsohon maigidanta na ofis, ta rufe, ta sake buɗewa. Wataƙila Yaya Sani ne da gaskiya. Ta kifa kai a gwiwa, ba ta san Inna na kallon ta ta tagar ɗaki ba.

Da asuba, bayan salla, ta tarar da atamfa a kan gadonta, mai ƙanshin turaren wuta da na daɗewa a akwati. Ta gane ta. Ta lefen Inna ce, wadda ko tela ba a taɓa nuna wa ba.

Inna na tsaye bakin ƙofa, carbi a hannu. "Sunan jikar Hajiya Ladi ranar Asabar. Ɗauko tef ɗinki ki auna ni."

Hannun Hauwa na rawa ta zagaya tef a kafaɗar mahaifiyarta.

"Ki bar rara," in ji Inna. "Na ɗan yi ƙiba."