Takardar Neman Gyaran Allon Kwamfuta da Hasken Ofis

Sashen Lissafi da Albashi,
Gombe.
Litinin, 12 ga Janairu.

Zuwa ga Manaja,
Ta hannun Shugaban Sashen Ma'aikata.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne in nemi a yi ɗan gyara a wurin zamana, bisa shawarar likitan ido da ya duba ni makon jiya. Na haɗa kwafin takardarsa da wannan.

Tun shigowar hunturu idanuna suke yaji da ƙaiƙayi kamar an watsa musu yashi, kuma da an yi azahar sai ciwon kai ya kama ni ta goshi. Abin da ya kai ni asibiti shi ne lambobi sun fara haɗe mini a Excel, sai na matso da fuska kafin in bambance 3 da 8. Likita ya auna ya ce alhamdu lillahi babu wata cuta a cikin idon, gajiya ce da bushewa daga yawan kallon allo. Ya ce mai kallon kwamfuta ba ya ƙifta ido yadda ya saba, ga busasshiyar iskar wannan lokaci ta ƙara. Ya rubuta mini maganin ɗigawa da tabarau na aiki, na kuma saye su da kuɗina. Amma ya ce muddin wurin zaman bai canza ba, maganin ba zai yi nisa ba.

Babbar matsalar tagar da ke bayana ce. Yamma take kallo, ba ta da labule. Daga wajen ƙarfe 2 rana take faɗowa kan allon, har inuwar kaina nake gani a kan jadawalin albashi, sai in ƙure hasken kwamfutar don in iya karatu, wannan kuma shi ne ke ƙara gajiyar da idon. Kwalin da ka gani a jingine a tagar ranar da ka shigo duba fayil ɗin fansho, ni na sa shi, kuma na san bai dace da ofis ba. Roƙona a juya teburin yadda tagar za ta koma gefena, a kuma sa labule mai kauri. Juyawar ba ta cin ko kwabo, illa mai gyaran wuta ya ƙara tsawon waya zuwa soket. Za ta ma raba ni da fankar bango da ke hura mini iska a fuska kai tsaye.

Sai dogon kwan fitilar da ke saman kaina, wanda yake kyaftawa, musamman idan an koma kan janareta. Ina roƙon a musanya shi da LED mai kyau, a ƙara mini da ƙaramar fitilar tebur don karanta rasit da bocar da aka rubuta da hannu.

Abin da zai ci kuɗi shi ne allo. Laftof ɗin da nake aiki da ita inci 14 ce, a kan tebur take, kullum a sunkuye nake. Likita ya ce allo ya kasance nesa da fuska kamar tsawon hannu, wato santimita 50 zuwa 70, samansa kuma daidai da ido ko ƙasa kaɗan. Da laftof hakan ba ya yiwuwa, don in na tura ta nesa madannan sun yi mini nisa. Ina neman allo na daban mai inci 22 ko 24, marar ƙyalli, da madannai da linzami. In akwai wanda ba a amfani da shi a sito, ya wadatar, ba sai sabo ba. Ina kuma so jami'in kwamfuta ya ƙara mini girman rubutu, ya mai da Scale zuwa 125%, don manhajar albashin ba ta bari in taɓa saitinta.

Likita ya kuma ce duk bayan minti 20 in ɗauke ido daga allo, in kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Na faɗi wannan ne don kada a gan ni ina kallon waje a ɗauka zaman banza nake. Ba ragin lokacin aiki nake nema ba, ba kuma sauyin sashe ba.

Ranka ya daɗe, daga 20 ga wata za mu shiga haɗa albashi, lokacin da nake wuni a kan allo. Zan ji daɗi in an juya teburin an canza kwan kafin ranar, allon kuma ya biyo baya idan an samu hali. Likita zai sake duba ni bayan mako shida, zan kawo maka sakamakon.

Na gode. Allah ya ƙara girma.

Taka mai biyayya,
Jami'ar Albashi,
Sashen Lissafi.