Ma'aunin Maki na Rubutun Waiwaye: Ɗaliban Jinya, Aji Biyu, Sakkwato

Wannan ma'auni na rubutun da za ku miƙa ne bayan makonni shida na aikin asibiti. Jimillar maki 100 ne, an kuma gina shi bisa matakai shida na waiwayar aiki da masanin ilimi Graham Gibbs ya tsara a 1988.

Bayanin abin da ya faru yana da maki 10 kacal, bayyana yadda kuka ji kuma 10. Auna abin da ya yi kyau da wanda bai yi ba yana da 15.

Nazari ke da kaso mafi tsoka, maki 30, kuma nan ne yawancinku ke tuntuɓe. Ɗalibar da ta rubuta cewa wata tsohuwa ta ƙi shan maganin hawan jini labari kawai ta bayar. Wadda ta gano cewa tsohuwar azumi take yi, ba a kuma tambaye ta ba, sannan ta haɗa wannan da abin da littattafan jinya suka ce game da sauraron majiyyaci, ita ce za ta kwashe makin.

Darasin da aka koya yana da 10, shirin gyara 15, tsari da ambaton madogara 10. Duk wanda ya ambaci sunan majiyyaci ko lambar gadonsa, za a mayar masa da aikinsa, domin sirrin mara lafiya amana ne.

Kafin ku miƙa, ku ɗauki biro ku rubuta sunan kowane mataki a gefen sakin layinsa. Idan labari ya cinye rabin takardar, ku rage shi, ku ƙara amsa tambayar “me ya sa?”