Sanarwa ga Ɗaliban Aji Biyu kan Yadda Aka Haɗa Makin Darasin Sana'o'in Hausawa na Gargajiya

Assalamu alaikum. An liƙa sakamakon wannan zango a allon sanarwa na sashe, kuma ga bayanin yadda aka samo makin kowa, domin kowane ɗalibi ya iya lissafa nasa da kansa.

Makin darasin 100 ne: 40 na ayyukan cikin zango, 60 na jarrabawar ƙarshe.

An fara da halartar aji, mai maki 5. An yi lacca 12. Wanda ya halarci duka ya sami 5, mai 10 ko 11 ya sami 4, mai 9 ya sami 3. Wanda bai kai 9 ba bai cika kashi 75 cikin 100 da doka ta gindaya ba, shi ya sa ba a bar shi ya zauna jarrabawa ba. Duk ranar da aka ga sa hannu biyu da rubutun mutum ɗaya, an soke ta ga su biyun.

Gwaji biyu da aka yi, kowanne an duba shi a kan 20, sannan aka raba biyu ya koma 10. Waɗanda suka kawo takardar asibiti, makin gwajin ramuwa aka sa musu.

Aikin fita bincike, wato na rukunin da suka je marinar Ƙofar Mata, da na Kasuwar Kurmi, da sauransu, maki 15 ne, kuma a nan aka fi yin ƙorafi. Rahoton da aka rubuta yana da 10, kuma duk 'yan rukuni maki ɗaya suka samu, amma 5 na gabatarwa kowa da nasa, gwargwadon yadda ya amsa tambayoyi a gaban aji. Wanda aka tambaye shi amfanin toka a cikin ruwan baba ya yi shiru, bai kamata ya yi mamaki ba idan abokin rukuninsa ya fi shi.

A jarrabawa an nemi a amsa tambayoyi huɗu, kowacce 15. Wanda ya amsa biyar, huɗun farko kawai aka duba.

Ga misali. Ɗalibar da ta halarci lacca 10 tana da 4. Ta ci 13 da 16 a gwaji, sun koma 6.5 da 8. Rahoto 7, gabatarwa 4. Ayyukan zangonta sun tashi 29.5; da aka haɗa da 40 na jarrabawa ya zama 69.5, aka cike shi 70. Sau ɗaya ake cike rabin maki, a jimillar ƙarshe, ba a kowane mataki ba.

Daga 70 zuwa 100 A ne, 60 zuwa 69 B, 50 zuwa 59 C, 45 zuwa 49 D, 40 zuwa 44 E, abin da ya gaza 40 kuwa F ne, sai an maimaita darasin.

Wanda ya lissafa ya ga saɓani, ya zo ofishina ranar Talata ko Laraba, daga ƙarfe 10 na safe zuwa azahar, da takardun gwajinsa a hannu. Kuskuren lissafi kaɗai za a gyara. Ba za a saurari roƙon ƙarin maki ba, ko daga ɗalibi ko ta bakin wanda ya turo.

Malamin Darasi