Takardar neman izinin yin wasan ƙarshe na gasar ƙwallon yara a filin ƙaramar hukuma

12 ga Oktoba 2026

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
ta hannun Sakataren Ƙaramar Hukuma.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu ne kwamitin iyaye da masu horar da yara da muke shirya gasar ƙwallon ƙafa ta 'yan ƙasa da shekara 15, ƙungiya 8 suka fara yanzu saura 2. Muna roƙon a ba mu izini mu yi wasan ƙarshe da rabon kyaututtuka a babban filin ƙaramar hukuma ranar Asabar 14 ga Nuwamba 2026. Za mu buɗe ƙofa ƙarfe 2 na rana, a take leda ƙarfe 3, zuwa 5 da rabi an miƙa kofi an kashe lasifika kowa ya kama hanyar gida tun da sauran haske. Shiga kyauta ne, kuma ba taron siyasa ba ne, ba fosta ba tutar kowace jam'iyya.

Ranka ya daɗe gara mu faɗi abin da ya faru bara da bakinmu tun kafin a ji shi a wani wuri. A wani ƙaramin fili muka yi wasan, ana cikin zagaye na biyu wani yaronmu ya yanke jiki ya faɗi, motar da za ta ɗauke shi ta zo amma babura sun toshe bakin ƙofa gaba ɗaya, masu su suna ciki suna kallo ba wanda ya san na wa ne, sai a kafaɗa muka ɗauko shi muka riƙa ratsa tsakanin babura har bakin titi mahaifiyarsa na biye da mu da takalminsa ɗaya a hannu. Allah ya sa ya farfaɗo ba abin da ya same shi. Amma laifin namu ne, mu ne ba mu sa kowa a ƙofa ba. Shi ya sa bana muka zauna muka tsara komai kafin mu kawo wannan takarda.

Maganar yawan jama'a ita muka fi ba ƙarfi. Mun je mun auna wurin tsayuwar 'yan kallo da tef, gefe biyu ne kowanne tsawon mita 100 faɗin mita 4, ya kama murabba'in mita 800 ke nan. Muna sa ran mutum kamar 600, amma mun yanke cewa ko me zai faru ba za mu wuce 800 ba, wato mutum 1 a kowane murabba'in mita, yadda uwa mai riƙe da yaro za ta iya juyawa ta fita ba tare da an matse ta ba. Kati 800 za mu buga a riƙa miƙawa a ƙofa, katin na ƙarewa an rufe shiga, ko ɗan wane ne. Mun san za a ji haushinmu a kan wannan, to a ji, turmutsitsi ba ya sallama kafin ya zo kuma yara ne ke fara faɗuwa a ƙasa.

Masu kula da tsari mutum 32 ne, duk mutum 25 da mai kula 1, da riga mai ɗaukar ido da usur, 10 daga ciki mata ne saboda binciken jaka a ƙofa da kula da ƙananan yara. Ba mai riƙe sanda ko bulala a cikinsu, aikinsu nuna hanya ne da kai rahoto, kama mai laifi kuwa aikin hukuma ne. Don haka mun aika kwafin wannan takarda ga baturen 'yan sanda na yanki muna roƙon jami'ai, dan Allah a taimaka a sa mana baki. Ba za a shiga da makami ko kwalba ko kayan maye ko abin tartsatsin wuta ba.

Ƙofofin filin guda 3 ne. Ta gabas shiga, ta yamma fita, ta arewa kuma mun ware ta ga motar asibiti kaɗai, za mu ja igiya mu bar hanya mai faɗin mita 4 tun daga titi har bakin fili, mutum 4 za su tsaya a kanta daga farko har ƙarshe. Duka ƙofofin ba za a sa musu kwaɗo ba muddin akwai mutum a ciki. Fakin ɗin mota da babur a fegin da ke bayan katanga ne, titi ba za mu taɓa shi ba.

Ɓangaren lafiya akwai nas 2 da suka yi alkawarin zama a ƙarƙashin kanofi kusa da ƙofar arewa da akwatin taimakon gaggawa da gadon ɗaukar mara lafiya, nan ne kuma za a kai duk yaron da ya ɓace wa iyayensa a yi cigiya a lasifika. Akwai tankin ruwan sha. Motar asibiti ce ba mu da ita, muna roƙon sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya ara mana guda 1 da direba na wannan yini. Idan hadari ya taso aka ji tsawa alƙalin wasa zai tsayar da wasa, ba za a dawo ba sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba.

Janareta 1 ce za mu kunna saboda lasifika, a sarari za ta zauna nesa da jama'a don hayaƙinta guba ne, a kewaye ta da igiya, tukunyar kashe gobara mai hoda 2 a gefenta, kuma ba za a zuba mata mai tana aiki ko tana da zafi ba. Wayoyi duk za a ɗaga su sama. Lasifika za ta kalli cikin fili ne ba gidajen maƙwabta ba, su ma za mu bi su gida gida mu sanar da su mako 1 kafin ranar.

Sai shara. Mun san dalilin da ya sa hukuma ke jan ƙafa wajen ba da fili, mutane su yi taro su watse su bar leda da robobi iska na kwasa tana zubawa a kwata. Mu ga abin da muka ɗauka: durom 12 na zuba shara a zagayen fili, ana tashi mutum 20 za su shiga da tsintsiya da manjagara da baro da safar hannu, har da 'yan wasan ƙungiyoyin biyu don mun gaya musu wanda ya ci kofi ma sai ya yi shara. Za mu share ciki da wurin fakin da gaban katanga, mu yashe kwatar bakin ƙofa, mu wanke banɗakunan filin guda 4. Ba za mu ƙona komai a wurin ba, mota za ta kwashe ta kai bolar da sashen tsaftar muhalli ya nuna mana. Abin da duhu ya hana za mu ƙarasa da safe, zuwa ƙarfe 10 na safiyar Lahadi 15 ga wata mun gama.

Muna roƙon a haɗa mu da jami'i 1 mu zagaya filin tare ranar Juma'a 13 ga wata a ɗauki hoto, a sake zagayawa ranar Lahadi a gwada. Duk abin da ya lalace, ƙofa ce ko famfo ko benci, kwamiti ne zai gyara cikin kwana 7, kuma a shirye muke mu sa hannu a kan haka. Idan muka saɓa ko ɗaya kada a sake ba mu filin.

In akwai wani sharaɗi ko fom da ba mu sani ba a faɗa mana mu cika. Za mu so samun amsa kafin 30 ga Oktoba saboda buga kati da sanar da iyaye, ni da kaina zan dawo ofis ranar Litinin 19 ga wata in ji inda takardar ta kwana. Muna kuma gayyatarka, ranka ya daɗe, ka zo ka miƙa wa yaran kofi da hannunka.

Allah ya ƙara girma, ya taya riƙo.

Naka mai biyayya,
Sakataren kwamitin shirya gasa,
a madadin shugaban kwamiti da sauran mambobi 9.

Kwafi zuwa ga baturen 'yan sanda na yanki, shugaban sashen lafiya, shugaban sashen tsaftar muhalli, da ofishin 'yan kwana-kwana.